Yadda ake zaɓar "ya buge" ko "an buge" in za ka rubuta rahoton hatsari

Wannan bayani na sabbin hannu ne, wanda oga zai kira ya ce mota ta yi hatsari je ka rubuto mana ripot, ko kai akawu ne a kamfanin da ke da motoci, ko sakataren yuniyon a tasha, ko kai ke kula da motocin wata makaranta. Ni dai aikin da nake yi kenan a nan Sakkwato tun da daɗewa, kuma abin da ya fi mayar da ripot baya a teburina shi ne sai ka karanta shafi guda cur ba ka san wa ya yi me ba. An taka birki, an bugi mashin, an kai asibiti, an sanar da ofis. To wa? Malaman Turanci suna kiran wannan zaɓin aktif da fasif, wato ka faɗi mai aikin a gaba ko ka sa abin da aka yi wa aikin a gaba shi mai aikin ya ɓace. A Hausa ma muna da namu, har ya fi nasu hanyoyin zillewa.

Kayan da za ka tanada

Takardar ƙwarya-ƙwarya daban da fom ɗin ofis, kada ka soma rubutu kai tsaye a kan fom. Biro biyu, baƙi ko shuɗi na rubutu, ja na dubawa. Waya mai caji saboda hoto da ɗaukar murya, kuma kada ka goge jerin kiran da aka yi ranar don shi ke nuna ƙarfe nawa wane ya kira wane. Sai littafin motar da direba ke sa hannu in zai fita, da katin gyara na wajen kanike in kuna da shi. In babu littafin mota, maigadin get yawanci yana da nasa na shiga da fita, ka roƙe shi ka duba. In shi ma babu to ka nemi rasit ɗin mai ko takardar lodin kaya, wani abu dai da zai nuna wa ke riƙe da motar a lokacin.

Misalin da za mu bi da shi

Na haɗa shi ne daga irin abin da ake gani kullum, ba wani kamfani nake nufi ba. Motar kaya ce Kanta ɗauke da katan-katan na lemo tana kan Titin Maiduguri da misalin ƙarfe 4:20 na yamma, direba da yaron mota a gaba. Mai kabu-kabu ɗauke da wata mata ya fito daga wani layi ta hannun dama, bambar Kanta ta sami bayan mashin, matar ta faɗi ta karye a tsintsiyar hannu. Jama'a suka taru, gilashin gaban motar ya tashi daga aiki, ɓaraguzansa suka yanki yaron mota a goshi. Da direba ya dawo ofis abin da ya ce shi ne, "Wallahi oga ina bisa hannuna sai yaron ga yah hito, anka bugi mashin." Ga kuma abin da sabon akawu ya rubuta daga bakinsa:

"Mai kabu-kabu ya fito da gudu bai duba ba, ya shigo gaban motarmu. An taka birki amma birki ya ƙi. An bugi mashin, fasinja ta ji rauni, gilashi ya fashe. An kai ta asibiti, an matsar da mota, an sanar da ofis."

Ka riƙe wannan rubutun, shi za mu warware.

Mataki na 1: ka san siga uku da jimla ke zuwa da su

Ta farko ita ce mai faɗin wanda ya yi: "Direba ya bugi mashin." Ta biyu ita ce ta "an" da 'yan'uwanta, aka, ana, za a, ba a, da namu na nan "anka": "An bugi mashin." Ita wannan tana nuna cewa mutum ne ya yi amma ba ta da gurbin sa sunansa ko kaɗan, ba za ka ce an bugi mashin daga direba ba, wannan ba Hausa ba ce. Ta uku ita ce wadda abin ke faruwa kamar da kansa: gilashi ya fashe, hannu ya karye, mota ta kife, lemo ya zube, mota ta ƙwace. A nan ko ƙamshin mutum babu. Ka lura yawancinsu suna da abokan tafiya masu mai aiki, ya fasa da ya fashe, ya karya da ya karye, ya kifar da ya kife, ya zubar da ya zube. Duk lokacin da ka rubuta na biyun ka tambayi kanka ko na farkon ne gaskiya.

Akwai kuma masu ƙarewa da wasalin u irin su ta gyaru, ya taɓu, ya bugu. Ka yi hattara da na ƙarshen nan. In ka rubuta "direba ya bugu" kana nufin ya bugi sitiyari da ƙirji, mai karatu zai ɗauka ka ce a buge yake da ƙwaya ko giya, kuma ripot in ya bar hannunka ba ka nan balle ka yi bayani.

Mataki na 2: ka zana gida huɗu kafin ka rubuta jimla ko ɗaya

A takardar ƙwarya-ƙwarya ka ja layi uku a tsaye. Gida na farko lokaci, na biyu me ya faru, na uku wa ya yi, na huɗu ta yaya na sani. Ka jera abubuwan ɗaya bayan ɗaya, kowane aiki layinsa, kada ka haɗa taka birki da bugun mashin a layi ɗaya don ba lallai shaidarsu ta zama ɗaya ba. Gida na huɗun nan shi ne zai zaɓa maka sigar jimla. Amsoshinsa ba su wuce waɗannan ba: na gani da idona, mai aikin ya faɗa da bakinsa, shaida ya gani, takarda ko hoto ya nuna, ko kuma ba wanda ya sani.

A misalinmu layin birki zai zama haka, 4:20, taka birki, direba, shi ya faɗa kuma yaron mota ya tabbatar. Layin gilashi kuma, bayan mintuna kaɗan, jifa da dutse, gidan wa ya yi babu kowa, yaron mota ya ga dutsen bai ga hannun da ya jefa ba. Ka ga tun daga nan ka san na farko zai fito da suna, na biyu zai fito da "an".

Mataki na 3: ka bi kowane "an" da tambaya tun mutanen suna gabanka

Wannan matakin ya fi sauran wuya don al'adarmu ce ke shiga ciki. Bahaushe yana amfani da "an" saboda kunya da girmamawa, har gaisuwa muna cewa an zo lafiya, an tashi lafiya, kuma yaron mota ba zai taɓa kallon idonka ya ce maigidana ya bugi mashin ba, zai ce an ɗan taɓa mashin. Ba ƙarya yake yi ba, tarbiyya ce. Shi ma direba in ya ce anka bugi mashin, rabi tsoro ne rabi kuma haka bakinsa ya saba. To kai aikinka ka bi a hankali ba da tsawa ba. Ni abin da nake cewa shi ne, "Malam, wa ke riƙe da sitiyari lokacin?" In ya ce ni ne, sai in ce "To wane ɓangaren motar ya sami mashin ɗin?" Tambaya biyu sun ba ka mai aiki da wurin bugu ba tare da ka sa shi ya ce ni na yi laifi ba.

Ka ji kowa shi kaɗai. In ka tsayar da yaron mota kusa da direba duk amsarsa "an" za ta zama, yana yi yana satar kallon maigidansa. Ka fitar da shi gefe ka ba shi ruwa ya sha, ka ce "Ƙanena, faɗa min abin da idonka ya gani kawai." A nan ne za ka ji cewa kwana uku da suka wuce direba ya yi ƙorafin birki yana nutsewa sai an yi famfo sau biyu kafin ya kama.

Wurin da "an" ya fi ɓarna shi ne inda ya taɓa na sama. "An kai ƙorafin birki amma ba a gyara ba." Wannan jimlar kowa na sonta a ofis don ba ta ɓata wa kowa. Amma mai karanta ripot yana son ya san a ina igiyar ta tsinke, direba ne bai faɗa wa kowa ba sai yaronsa, ko ya faɗa wa mai kula da motoci shi ya manta, ko mai kula da motoci ya rubuta akanta bai saki kuɗi ba, ko kanike ya duba ya ce ta yi. Abu huɗu ne daban kuma gyaran kowanne daban. In kana jin nauyin sa sunan babba ka sa muƙaminsa, mai kula da motoci, shugaban sashen gyara, wannan ya wadatar kuma ba rashin kunya a ciki. Ka jingina da takarda in akwai: "Katin gyara ya nuna direba ya rubuta ƙorafin birki ranar Litinin. Mai kula da motoci ya sa hannu a katin ranar Talata. Katin bai nuna wani gyara ba." Ba ka zagi kowa ba, ba ka kuma rufa wa kowa asiri ba.

Mataki na 4: ka sa mai aiki a gaba duk inda gida na huɗu ya cika

In an gani ko an amsa ko takarda ta nuna, rubuta shi da mai aikinsa. "Direba ya taka birki." "Mai kabu-kabu ya fito daga layin da ke hannun dama." "Yaron mota ya kira Rod Sefti ta 122 da ƙarfe 4:31." In abin daga bakin mutum ɗaya ne kawai, ka sa shi a matsayin mai faɗa: "Direba ya ce ya yi hon sau biyu." Kada ka rubuta "an ce", don an ce jita-jitar tasha ce, ba wanda za a kira gobe ya maimaita ta.

Abin da ke tsorata sabbin ma'aikata shi ne suna ganin in sun rubuta "direbanmu ya bugi mashin" sun amsa laifi a madadin kamfani. Ba haka ba ne. Gaskiya ne takardun inshorar mota yawanci suna da sharaɗin kada ka amsa alhaki ko ka yi alkawarin biya ba da izininsu ba, amma amsa alhaki shi ne ka rubuta laifinmu ne, ko direba ya yi ganganci, ko za mu biya. Faɗin abin da ya sami wani abu bayani ne kawai. Mutum yana iya bugun mashin kuma mai mashin ne ya shigo masa, wannan hukuncin na 'yan sandan trafik ne da kotu da kamfanin inshora. Su kuma masu inshora, abin da suke nema a ripot shi ne wace mota ta sami wace, ta wane ɓangare, wa ke tuƙi. In ba su gani ba tambaya za su dawo maka da ita, ka ga an ƙara sati.

Sai dai akwai wani tarko a Hausa da ya kamata ka sani. "Direba ya bugi mashin" daban, "direba ne ya bugi mashin" daban. Wannan ɗan "ne" ɗin yana nuna yatsa, yana cewa shi ne ba wani ba, kamar ana gardama ka yanke. Ka ajiye shi sai inda tambayar ita ce wane ne cikin biyu, misali ana shakkar ko yaron mota aka ba tuƙi, sai ka rubuta "direba ne ke tuƙi, kamar yadda littafin get da wani mai shago da ya ga abin suka nuna." Ban da irin wannan wurin ka cire shi.

Haka kalmar aikin kanta. Ya taɓa, ya goga, ya buga, ya banke, ya take, duk suna da mai aiki a gaba amma nauyinsu ba ɗaya ba. Ka zaɓi wadda lotsewar ƙarfe ta yarda da ita. In fitilar bayan mashin ta tarwatse kuma kariya ta lanƙwashe ba taɓawa ba ce, in kuma fenti ne kawai ya kankare ba bankewa ba ce.

Mataki na 5: ka bar "an" a inda ya cancanta, amma ka faɗi dalili

Ba cewa nake a kori "an" daga ripot ba, wanda ya yi haka zai koma ƙirƙirar masu aiki, wannan kuwa ya fi muni. Wuri biyu nake barinsa. Na farko inda da gaske ba a san mai aikin ba, kamar gilashin nan. Kada ka rubuta "gilashi ya fashe" don mai karatu zai ɗauka bugun ne ya fasa shi, alhali bayan motar ta tsaya ne. Kada kuma ka rubuta "'yan kabu-kabu sun fasa gilashi" don ba wanda ya ga haka, zato ne. Ka rubuta: "Bayan motar ta tsaya an jefi gilashin gaba da dutse, ya fashe. Direba da yaron mota duk sun ce ba su ga wanda ya jefa ba." Jimla ta biyun nan ita ke wanke "an" ɗin, tana nuna ka tambaya ba ka samu ba.

Na biyu inda sanin mai aikin ba zai ƙara komai ba. "An ɗora mata hannu a asibiti", "an yi wa yaron mota ɗinki uku a goshi", ba wanda ke buƙatar sunan nas ɗin da ta riƙe allura, kuma katin asibiti yana nan. Amma ka lura, "an kai ta asibiti" ba ya cikin wannan rukunin. Wa ya kai ta, da me, ƙarfe nawa, duk ana tambaya daga baya, musamman in dangi suka ce an bar 'yarsu a kwance a titi. "An matsar da mota" ma haka, domin in direba ya matsar da ita kafin jami'ai su iso magana ɗaya ce, in jami'in Rod Sefti ne ya ce a gyara hanya bayan ya ɗauki hoto magana ce daban.

"An sanar da ofis" kuwa kada ya taɓa wuce ka in ma'aikacinku ya ji rauni. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ba ma'aikaci kwana 14 ya sanar da wurin aikinsa, shi kuma mai kamfani kwana 7 ya kai rahoto ga NSITF, hukumar da ke biyan diyyar, to in rigima ta taso kan lokaci ripot ɗinka za a buɗe a ga wa ya faɗa wa wa, yaushe.

Mataki na 6: ka tuhumi duk abin da ya faru da kansa

Mota ta ƙwace, birki ya ƙi, taya ta fashe, sitiyari ya sake. Wani lokaci gaskiya ne, taya tana fashewa a zafin Afrilu na garin nan ba da hannun kowa ba a wannan daƙiƙar. Amma waɗannan jimlolin da'awa ce, suna buƙatar shaida kamar kowace. In VIO ko kanike bai duba motar ba tukuna, ka sa maganar a bakin mai ita: "Direba ya ce birki bai kama ba sai a taku na biyu." In an duba sai ka ƙara, "Kanike ya duba washegari, ya tarar man birki ya yi ƙasa kuma bututun baya na hagu yana yoyo." Yanzu birki ya ƙi ya zama abu mai tushe.

"Mota ta buge shi" ita ma tana tsakiya, don ta sa ƙarfe a gurbin mutum. Ina amfani da ita in ina bayanin wurin bugu, bamba ta sami kariyar mashin, amma sai na riga na faɗi wa ke tuƙi a sama. In direba ya gudu ba a san shi ba to nan dole motar ce za ta zama mai aiki, sai ka ba da kamanninta, launi, iri, lamba in an kama. "Sun yi taho-mu-gama" kuma ka bar shi sai in da gaske gaba da gaba suka haɗu kowa na tafiya, kada ka yi amfani da shi don raba laifi biyu alhali ɗaya daga baya aka same shi. Tsautsayi da ƙaddara duk mun yi imani da su, wajen jaje za ka faɗe su, a fom ba su da gida.

Mataki na 7: ka ɗauki jan biro ka gwada ɓangarorin biyu

Ka ja layi ƙarƙashin kowane aiki na ɓangarenku, ka zagaye na ɗaya ɓangaren. Koma ka dubi rubutun akawun can na sama. Mai kabu-kabu ya fito, bai duba ba, ya shigo, uku duk da sunansa. Namu kuma an taka, an bugi, an matsar, ko sau ɗaya direba bai bayyana ba. Wannan kamar mai awo ne da ke da mudu biyu, na saye daban na sayarwa daban, kuma duk ɗan sandan da ya daɗe a trafik da kallo ɗaya zai gane, daga nan ya daina yarda da sauran abin da ka rubuta ko da gaskiya ne. Abin ba ƙarami ba ne a kan mai karatu. A 2010 wasu masu bincike a jami'ar Stanford, Caitlin Fausey da Lera Boroditsky, sun ba mutane labarin hatsari ɗaya cikin siga biyu, waɗanda suka karanta mai ambaton mai aiki sun fi ɗora masa laifi kuma sun yanka masa tara mafi tsada. Wato in ka ambaci ɗaya ka ɓoye ɗaya ka riga ka yanke hukunci ba ka sani ba.

Ka lura kuma "da gudu" da "bai duba ba". Wa ya ga bai duba ba? Direba ne ya faɗa, to a sa a bakinsa. Ga yadda rubutun zai koma:

"Da misalin ƙarfe 4:20 na yamma direbanmu yana tuƙa Kanta a Titin Maiduguri, yaron mota yana gefensa. Mai kabu-kabu ɗauke da fasinja ɗaya ya fito daga layin da ke hannun dama ya hau titi. Direba ya ce mai kabu-kabun bai tsaya a bakin layin ba. Mai kabu-kabu ya ce ya tsaya, ya ga motar da nisa. Direba ya taka birki, ya ce bai kama ba sai a taku na biyu. Direba ya bugi bayan mashin da gefen dama na bamba. Fasinjar ta faɗi, ta karye a tsintsiyar hannun hagu. Bayan motar ta tsaya an jefi gilashin gaba da dutse, direba da yaron mota sun ce ba su ga wanda ya jefa ba, ɓaraguzan suka yanki yaron mota a goshi. Yaron mota ya kira Rod Sefti da ƙarfe 4:31. Wani mai Keke Napep ya ɗauki fasinjar zuwa asibiti tare da mai kabu-kabun. Direba ya matsar da motar gefen titi bayan jami'in Rod Sefti ya ɗauki hoto ya umarce shi. Direba ya kira mai kula da motoci da ƙarfe 4:50 ya sanar da shi."

Ya fi na farko tsawo, eh, amma ba wanda zai kira ka ya ce wa.

Mataki na 8: in wani abu ya rasa

In babu shaida sai mutum biyun da abin ya shafa, ka jera maganar kowa da "ya ce" kamar yadda na yi a sama, kada ka zaɓi ɗaya ka mayar da ita gaskiyar ripot. In direba yana kwance ba ya iya magana, ka rubuta abin da ido ke gani da sigar da ba ta da mai aiki, bamba ta lotse ta dama, akwai sawun taya mita kaza in ka auna, sannan ka sa a ƙasa cewa ba a ji ta bakin direba ba tukuna saboda yana asibiti, za a ƙara. In babu hoto ka zana taswira da hannu, ka rubuta wa ya nuna maka inda kowace mota ta tsaya.

In fom ɗin na Turanci ne, kuma yawanci haka ne, ka gama aikin gida huɗun da Hausa tukuna sannan ka juya. Tarkon da ke nan shi ne "an" na kunya in ya shiga Turanci yana zama fasif mai sanyi kamar da gangan aka ɓoye suna, don mai karatu a Legas ko Abuja bai san yaron mota nauyin maigidansa yake ji ba. Turanci yana da wata dama da "an" ɗinmu ba shi da ita, yana iya sa wanda aka buga a gaba sannan ya liƙa mai aikin a ƙarshen jimla, wannan ba laifi in sakin layin a kan wanda ya ji rauni yake magana, sharaɗin dai mai aikin ya fito. In kuma daga Turanci kake juyowa zuwa Hausa don karanta wa direba, irin wannan jimlar ka kifa ta, ka ce wane ya yi kaza, ko ka ce "mashin ɗin, direba ya buge shi ta baya", kada ka mayar da ita "an" sunan ya faɗi a hanya.

Mataki na 9: karantawa da sa hannu

Ka karanta wa direba ripot ɗin da ƙarfi cikin Hausa, jimla jimla, yaron mota ma haka amma daban. In ya ce a mayar da "ya bugi" zuwa "an bugi", ka tambaye shi ko akwai wani da ke tuƙi ban da shi. In babu, jimlar ta zauna, amma ka ba shi dama ya ƙara nasa bayanin a ƙasa da "direba ya ce". In oga ne ya ce a sassauta layin katin gyara, ka nuna masa katin da sa hannunsa a jiki, ka ce masa ranka ya daɗe katin nan za a nema ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba. Kowa ya sa hannu ko ya dangwala da kwanan wata, gyaran da aka yi da biro a ja masa layi ɗaya a sa hannu a gefe kada a shafe da farin ruwa. Takardar gida huɗun ka maƙala ta a bayan kwafin ofis, ka ɗauki hoton duka a waya kafin ka miƙa.